Waya Ta Yi Ƙara, Amma Aiki Ya Shigo? Yadda Mai Gyara Zai Ƙirga Kiran da Talla Ke Kawo Masa

A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ya kai maƙura, firjin mai sayar da ƙanƙara ko zoɓo ba ya jiran gobe. Idan ya daina sanyi da hantsi, kafin la'asar jari ya fara narkewa. Mai firjin ba ta da lokacin karanta dogon bayani a kan tarihin wani shago. Ta ɗauki waya, ta rubuta abin da take nema a Google, abin da idonta ke nema kuma shi ne lambar da za ta danna wani ya ɗauka. Haka ma uban da ɗansa ya kwana da ciwon haƙori: tambayarsa ita ce ko asibitin a buɗe yake, ko likita yana nan.

Ga irin waɗannan sana'o'i, ciniki ta waya yake farawa. Shi ya sa Google ya tanadi hanyoyi biyu na sa lambar shago a gaban mai nema: shafin shago a kan taswira, wanda kyauta ne, da tallan da ke ɗauke da maɓallin kira, wanda ake biya. Dukansu suna nuna wa mai shago wani adadi da suka ce na kira ne. A nan mutane da yawa ke yin asarar kuɗi, domin adadin da ke kan allo da adadin mutanen da suka kawo aiki ba abu ɗaya ba ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu takan yi faɗi ƙwarai.

Taswira tukuna, talla daga baya

Shafin shago a taswira shi ne abin da ake kira Google Business Profile. An ƙaddamar da shi a 2014 da sunan Google My Business, aka sauya masa suna a ƙarshen 2021. A ciki mai shago yake sa suna, da nau'in sana'a, da wuri, da lokutan buɗewa, da lambar waya, da hotuna. Google da kansa ya ce abubuwa uku yake dubawa wajen jera shaguna idan an yi bincike: dacewar shagon da abin da aka nema, kusancinsa da mai nema, da kuma yadda aka san shi, wanda ra'ayoyin abokan ciniki ke cikinsa. Kuɗi ba ya sayen matsayi a wannan jerin.

A ɗauki mai gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki a Tarauni. Abu na farko da zai ba shi wahala shi ne wuri. Shaguna da yawa a garuruwanmu ba su da lambar gida da za a dogara da ita, kwatance ake yi da masallaci ko gidan mai. Mafita ita ce ya tsaya a ƙofar shagon, ya ja alamar taswirar da yatsa har ta sauka daidai kan rufinsa. Idan alamar ta karkace da layi biyu, mai Keke Napep zai sauke abokin ciniki a gaban wani shagon, wataƙila ma na abokin hamayya. Bayan haka sai tantancewa. Sau da yawa Google kan nemi bidiyo guda, ba yanke-yanke, da ke nuna titi da allon shago, da kayan aiki, da wata shaida cewa mai ɗaukar bidiyon shi ke da wurin, kamar buɗe ƙofa da makulli.

Akwai jarabar da ya kamata ya guje wa. Wasu sukan cusa kalmomin bincike cikin sunan shago, su mayar da shi dogon jerin ayyuka da sunayen unguwanni. Ƙa'idar Google ita ce sunan ya zama wanda ke jikin allon shago, kuma saɓa mata na iya sa a dakatar da shafin. Sannan ya riƙa leƙa shafin a kai a kai, domin kowa na iya ba da shawarar gyara a kan bayanin shago, har da lambar waya da lokutan aiki.

Dalilin fara wa da taswira a fili yake. Idan shafin ya tsaya da ƙafarsa, ana iya haɗa shi da asusun talla, tallan ya riƙa fitowa da adireshi da nisan shago daga mai nema. Wanda ya biya kuɗin talla alhali shafinsa na cewa shago a rufe yake ranar Asabar, shi kuwa yana ciki yana aiki, ya biya ne don ya kori mutane.

Tallan da ke buga waya

A 2015 Google ya fito da wani nau'in talla na musamman wanda lambar waya ce kansa. Yana fitowa ne kawai a na'urorin da ke iya kira, kuma idan aka danna shi ba ya kai mutum wani shafi, lambar yake ɗorawa a wayar. Shekaru da dama wannan ne abin dogaron masu gyara da ƙananan asibitoci. Amma kamfanin ya sanar da cewa zai janye shi: daga Fabrairun 2026 ba a ƙirƙirar sababbi, waɗanda ke akwai kuma za su daina fitowa a Fabrairun 2027. Abin da ya maye gurbinsa shi ne tallan bincike na yau da kullum da aka maƙala wa lambar waya ta hanyar abin da allon Google Ads ke kira `Call asset`. Duk wanda wani dillalin talla ya yi wa alkawarin tsohon nau'in, ya tambaye shi wannan batu kafin ya miƙa kuɗi.

Google ba ya karɓar lamba haka kawai. Yana so ya tabbatar ta shagon ce, yawanci ta hanyar ganin ta a rubuce a shafin intanet ɗin da tallan ke nunawa. Ko shafi mai fuska ɗaya ya wadatar, muddin lambar tana jiki a matsayin rubutu.

Wajen biyan kuɗi ne ake samun rashin fahimta ta farko. Ana cajin mai talla ne a lokacin da aka danna maɓallin, ba lokacin da wayarsa ta yi ƙara ba. Dannawar tana buɗe wurin buga lamba ne a wayar mai nema, shi kuma sai ya sake danna kira da kansa. Tsakanin waɗannan matakai biyu mutane da yawa suke zubewa. Wani yatsarsa ce ta zame. Wani ya tuna ba shi da kati. Wani lambar kawai yake so ya kwafa ya tura saƙo ta WhatsApp, wanda a nan ƙasar ba ƙaramin kaso ba ne. Duk an biya kuɗinsu.

Haka abin yake a shafin taswira. Adadin da ke ƙarƙashin `Calls` a rahoton shafin yana ƙirga sau nawa aka taɓa maɓallin kira ne. Ba ya sanin ko an ɗauka, ba ya sanin me aka ce. A da akwai wani tsarin tarihin kira a shafin, a wasu ƙasashe, amma an rufe shi a ƙarshen Yulin 2024.

Me za a ƙirga a matsayin nasara?

A cikin asusun talla akwai shafin adadi mai suna `Conversions`. Shi ne inda ake tara duk abin da mai talla ya ce a ƙirga masa a matsayin nasara. Ga kantin intanet, nasara ita ce saye. Ga mai gyaran firji, kira ne. Tambayar ita ce wane irin kira.

Google yana da dabarar auna wannan. Idan aka kunna `Call reporting`, sai ya sa wata lamba tasa a madadin ta shagon a jikin tallan. Mai nema ya kira wannan lambar, ita kuma ta miƙa kiran zuwa wayar shago ba tare da ya lura ba. Da yake kiran ya ratsa ta hannun Google, yana iya rubuta lokacin da aka fara, da tsawonsa, da ko an ɗauka ko ba a ɗauka ba. Daga nan mai talla zai ƙirƙiri nasara mai nau'in `Calls from ads`, ya sa mata iyakar daƙiƙoƙi. Idan bai taɓa komai ba, iyakar 60 ce: kiran da ya kai minti ɗaya nasara ne, wanda bai kai ba ba a ƙirga shi.

Lambar nan ta Google ce, aro ce, tana iya canjawa. Kada a buga ta a allon shago ko a katin kasuwanci.

Minti ɗayan nan ba wahayi ba ne, kuma mai shago a ƙasar Hausa yana da dalilin sake duba shi. Kiran da ya fara da sallama, da ina wuni, da ya aiki, da ya iyali, ya ci kusan rabin minti kafin a ambaci firji. Mutumin da ya kira don ya tambayi ko ana ɗaukar yaran koyon aiki zai haye daƙiƙa 60 cikin sauƙi, a rubuta shi nasara. A ɗaya gefen kuma, wanda ya ce "Kana shago? Ga ni nan tafe da firjin a mota" ya gama cikin daƙiƙa 20, shi ne ciniki mafi tabbas na ranar, amma ba a ƙirga shi ba. Hanyar da ta dace ita ce mai shago ya ɗauki mako biyu ko uku yana kwatanta tsawon kiran da ke wayarsa da ayyukan da suka shigo, ya ga inda layin ya fi dacewa. A asibiti, inda ake tambayar suna da shekaru da abin da ke damun mara lafiya kafin a ba da lokaci, iyakar takan fi ta shagon gyara tsawo.

Akwai wani ƙaramin zaɓi da ke sauya lissafi sosai, wato `Count`. Idan aka bar shi a `Every`, matar da ta kira sau uku bayan danna talla ɗaya, tana tambayar ko yaron shago ya taso, za ta iya zama nasara uku. Idan aka zaɓi `One`, ita ɗaya ce. Ga mai gyara da asibiti, `One` ne gaskiya, domin firji ɗaya aka kawo.

Sai babban sharaɗi. Lambar miƙa kira ba a kowace ƙasa Google ke bayar da ita ba. Akwai ta a Amurka, da Birtaniya, da Indiya, da Afirka ta Kudu da wasu ƙasashe. Mai shago a Kano ko Maraɗi, kafin ya yarda da kowane rahoto, ya buɗe asusun ya ga ko akwai tsawon kowane kira a rubuce. Idan babu, to duk adadin da aka nuna masa na dannawa ne, komai sunan da aka laƙaba masa. Akwai ma wata nasara da kan bayyana da kanta idan an haɗa talla da shafin taswira, mai suna `Clicks to call`, kuma sunan ya faɗi abin da take ƙirgawa.

Lissafin wata guda

Alƙaluman da ke tafe na misali ne, don a ga yadda lissafin ke tafiya. Farashin dannawa yana bambanta daga gari zuwa gari, daga sana'a zuwa sana'a.

A ce mai gyaran nan na Tarauni ya sa kasafin naira 3,000 a rana. Google yana iya kashe har ninki biyu na wannan a ranar da bincike ya yi yawa, amma a wata ba zai caje shi fiye da kasafin rana sau 30.4 ba, wato naira 91,200. A ce ya kashe 90,000 cif, aka danna maɓallin kira sau 300. Kowace dannawa ta tsaya masa a naira 300. Idan dillalinsa ya sa dannawa a matsayin nasara, rahoton ƙarshen wata zai ce an samu nasara 300 a kan naira 300 kowace, kowa ya yi murna.

Yanzu a duba wayar. Cikin 300 ɗin, sau 180 ne kawai ta yi ƙara. Arba'in daga ciki ba a yi magana ba: wasu filashin ne, wasu sun shigo yana kan tsani yana kwance na'ura, wasu lokacin sallar Juma'a. An ɗauki 140. Waɗanda suka kai minti ɗaya 75 ne, don haka da ma'aunin Google kowace nasara ta koma naira 1,200. Sai littafin shago: mutum 30 ne suka kawo firji ko aka je gidajensu. Naira 90,000 a raba 30, kowane aiki ya ci naira 3,000. A Najeriya akwai harajin kaya na kashi 7.5 cikin ɗari a kan kuɗin tallan, wato ƙarin 6,750, wanda ya kai kuɗin kowane aiki 3,225.

Naira 300, da 1,200, da 3,225 duk daga wata ɗaya suka fito, kuma babu na ƙarya a ciki. Na ƙarshen ne kaɗai za a iya ajiyewa kusa da riba. Idan abin da ke rage masa a kowane aiki, bayan kuɗin gas da kayan gyara da na mota, ya kai naira 8,000, tallan ya biya kansa har da ragowa mai kyau. Idan 3,000 ne ke ragewa, yana yi wa Google aiki ne, ko da rahoton ya cika da koren launi.

Wurin da ya fi cancantar a tsaya a kai shi ne kira 40 ɗin da ba a ɗauka ba. An riga an biya kuɗinsu. Idan aka bi bayansu cikin minti biyar, wasu za su zama aiki ba tare da ƙarin ko sisi ba, amma mai firjin da ke narkewa ba za ta jira awa guda ba, ta riga ta kira na gaba a jerin. A ganin mai wannan rubutu, kafin mai shago ya ƙara naira ɗaya a kasafi, ya fara samun wanda aikinsa shi ne ɗaukar waya, ya san farashin ɗura gas da kuɗin zuwa gida, ya kuma iya cewa ga lokacin da za a iso.

Zaɓen abin ƙirgawa yana da wani tasirin da ba a gani nan take. Idan aka bar wa tsarin Google ya riƙa tsara farashi da kansa, kamar a `Maximize conversions`, zai bi duk abin da aka ce masa nasara ne. A ce masa dannawa ce, zai nemo masu saurin dannawa, ko suna kira ko ba sa yi. Kamar yaron da aka ce za a biya shi a kan yawan mutanen da ya tsayar a ƙofar shago ne: zai tsayar da kowa, har da masu wucewa masallaci.

Inda kuɗi ke yoyo

Rami uku ne suka fi cin kuɗin ƙananan masu talla, kuma duk ana toshe su cikin rabin awa.

Na farko lokaci ne. Tallan da ke gudana da ƙarfe biyun dare, shago a rufe, waya a kashe, sadaka ce ga Google. Akwai `Ad schedule` inda ake sa ranaku da sa'o'i, kuma ya kamata su dace da lokacin da akwai mai ɗauka, a cire lokacin Juma'a idan ana rufewa. Asibitin da ke aiki dare da rana ne kawai ke da hujjar barin talla a buɗe.

Na biyu wuri ne. Ana iya zana da'ira a kewayen shago, daga kilomita ɗaya zuwa sama. Amma zaɓin da Google ke sawa da kansa, `Presence or interest`, yana haɗawa da waɗanda ke wani gari suka nuna sha'awar wurin. Mai gyaran firji ba zai je Legas ba. Ya mayar da shi `Presence`, don tallan ya tsaya kan waɗanda ke cikin yankin ko suke yawan zuwa.

Na uku ya fi buƙatar haƙuri. A rahoton `Search terms` ana ganin ainihin abin da mutane suka rubuta kafin tallan ya fito musu. Mai gyara zai tarar da masu neman sayen sabon firji, da masu neman koyon gyara, da masu neman ofishin kamfanin da ya ƙera na'urar. Kowace irin wannan kalma sai a sa ta cikin jerin kalmomin da aka hana, mako bayan mako, har yoyon ya ragu. Alamar cewa wannan ramin a buɗe yake ita ce yawan kiran da ke ƙarewa da "a'a, ba ma sayarwa, gyara muke yi".

Layi na musamman da littafi

Inda babu lambar miƙa kira, akwai hanyar da ba ta buƙatar wani ilimin kwamfuta. Mai shago ya sayi layi na biyu, ya sa shi a talla da shafin da tallan ke nunawa kawai, ya bar tsohuwar lambar a allon shago da taswira. Yawancin wayoyin da ke hannun mutane suna ɗaukar layi biyu. Duk sabuwar lambar da ta shigo ta layin talla, ko kira ko saƙon WhatsApp, an san daga ina ta fito, kuma wayar da kanta tana ajiye lokaci da tsawon kira. Dabarar tana da iyaka: wanda ya ajiye lambar zai sake kira bayan wata shida, ko ya ba maƙwabcinsa. Saboda haka ana ƙirga sababbin masu kira ne, kuma tambayar "a ina kika samu lambarmu?" tana nan da amfaninta.

Sauran aikin na littafi ne mai layi huɗu: rana, lambar mai kira, abin da yake so, da ko aiki ya tabbata da nawa aka samu. Ranar ƙarshen wata a ajiye shi kusa da rahoton Google.

Ga asibiti akwai ƙarin nauyi. Abin da mara lafiya ya faɗa a waya sirri ne, kuma dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta kiyayewa. Littafin ƙirga kira ba wurin rubuta cutar mutum ba ne, ya isa a rubuta cewa an ba da lokaci kuma an zo. Bai kamata a miƙa wa dillalin talla sunaye da lambobin marasa lafiya ba. Sannan ƙa'idojin aikin likita a Najeriya sun taƙaita yadda likita zai tallata kansa, kuma hukumar kula da tallace-tallace ta ƙasa, wadda dokar 2022 ta kafa, tana buƙatar a tantance talla kafin a fitar da shi. Shafin taswira mai adireshi daidai, da lokutan aiki na gaskiya, da lambar da ake ɗauka, shi ne wurin da ƙaramin asibiti ya kamata ya fara, tallan biya kuma sai bayan ya bincika abin da doka ta yarje masa.

Duk mai shagon da wani ke gudanar masa da talla, a ƙarshen watan nan ya nemi a buɗe masa asusun a gabansa, ya ga sunan abin da aka sa a ƙarƙashin `Conversions`, da iyakar daƙiƙoƙin da aka zaɓa, da ko `One` ne ko `Every`. Asusun ya kasance da sunansa, shafin taswirar ma shi ne mamallakinsa, don ranar da suka rabu da dillalin kada lambar shagonsa ta tafi da wani.